Kamfani Daban, Mai Kamfani Daban: Labulen da Doka Ta Rataya da Ranar da Kotu Ke Yaye Shi

A ɗauka kai mai sayar da riɗi ne a kasuwar Dawanau. Wani Alhaji da ka daɗe da sani ya buɗe kamfanin gyaran riɗi don fitarwa waje, ya nemi ka riƙa kai masa kaya bashi ana biyanka bayan kwana 30. Shekara biyu kuna cinikin nan lami lafiya. A shekara ta uku farashi ya karye, injina suka tsaya, ma'aikata suka watse, kai kuma kana bin naira miliyan 20. Alhaji yana nan a gidansa, motarsa na nan, gonarsa na nan. Ka kwashi takardunka ka tafi wurin lauya ka ce a maka Alhaji a kotu. Lauya ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa a kan sunan da ke samansu, wanda ya ƙare da Ltd, ya ce: "Malam, ai ba Alhaji ka ba bashi ba. Wannan ka ba."

Duk wanda ya ji wannan magana karon farko zai ɗauka wasa da hankali ne. Da Alhaji ka yi ciniki, hannunsa ka kama, shi ya ce a sauke kaya. Amma lauyan gaskiya ya faɗa. A idon doka, kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara ana kai shi, kuma bashinsa ba ya hawa kan wanda ya kafa shi. Tsakanin kamfani da masu shi akwai abin da lauyoyi ke kira labule. Kotu na iya yaye shi ta cafko wanda ke bayansa, amma ba kasafai take yi ba. Sanin ranar da take yarda da ranar da take ƙi shi ne abin da zai raba ɗan kasuwa da asarar da ba ta da magani.

Mai takalma na Landan

Tushen maganar yana unguwar Whitechapel a gabashin Landan. A can wani mutum mai suna Aron Salomon ya yi kusan shekara 30 yana sana'ar fata da ɗinkin takalma da sunansa, kuma sana'ar ta karɓe shi. A 1892 ya yanke shawarar mayar da ita kamfani. Dokar kamfanoni ta Ingila ta 1862 ta ce sai mutum bakwai za su kafa kamfani, don haka ya rubuta kansa da matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa da hannun jari ɗaya na fam guda.

Daga nan ya sayar wa kamfanin da sana'ar tasa a kan kusan fam 39,000. Kamfanin ya biya shi da hannun jari 20,000, ya kuma ba shi takardar bashi ta fam 10,000 wadda aka jingina wa dukiyar kamfanin. Mafi yawan abin da ya rage aka biya basussukan tsohuwar sana'ar da shi. A ƙarshe Salomon ya tashi da hannun jari 20,001 daga cikin 20,007. A lura da takardar bashin nan, domin a kanta rigimar ta tashi: mutumin da ya mallaki kamfanin kusan gaba ɗaya ya zama kuma mai bin kamfanin bashi, bashi mai jingina, wanda ake fara biya kafin na waɗanda ba su riƙe komai ba.

Ba a jima ba kasuwar takalma ta taɓarɓare. Ma'aikatan sana'ar suka shiga yajin aiki, gwamnati kuma, wadda ita ce babbar mai sayen kayansa, ta rarraba kwangilarta ga masu ɗinki da dama. Kaya suka taru a sito babu mai saye. Salomon bai gudu ba. Ya jinginar da takardar bashinsa ga wani mai suna Edmund Broderip, ya karɓi fam 5,000 ya zuba wa kamfanin. Duk da haka jirgin ya nutse, aka rufe kamfanin a 1893. Bayan an sallami Broderip, abin da ya rage bai wuce fam 1,055 ba, alhali masu kawo kaya da sauran waɗanda ba su da jingina suna bin sama da fam 7,700. Salomon ya ce ragowar tasa ce, domin takardarsa ce a gaba. Jami'in da aka naɗa ya tattara dukiyar kamfanin ya ce ina, kamfanin nan Salomon ne da kansa ya sauya riga, don haka shi zai biya bashin duka daga aljihunsa.

Kotun farko ta goyi bayan jami'in, ta ce kamfanin wakilin Salomon ne kawai, bashin wakili kuwa na wanda ya aike shi ne. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta ba Salomon rashin gaskiya a 1895, tana ganin matar da 'ya'yan cikon lissafi ne, dokar kuma ba ta nufi a yi amfani da ita haka ba. Lokacin da shari'ar ta kai kotun ƙoli ta wancan zamani, wadda ke zama a majalisar dattawan Birtaniya, Salomon ya riga ya tsiyace har an yarda masa ya ɗaukaka ƙara a matsayin marar hali. A watan Nuwamba na 1896 alƙalan suka soke hukuncin kotunan biyu, babu wanda ya saɓa.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Doka ta ce mutum bakwai, kowa da hannun jari aƙalla ɗaya. Ba ta ce kada su zama 'yan gida ɗaya ba, ba ta ce a raba jarin daidai ba. Salomon ya cika sharaɗi, bai ɓoye komai ba, bai yaudari kowa ba. Shugaban alƙalan, Halsbury, ya sa jami'in a tsaka mai wuya: in kamfanin mutum ne a doka, to sana'ar tasa ce, bashin ma nasa ne, in kuwa ba mutum ba ne, to babu wanda za a ce shi ne wakilin Salomon. Ba za a riƙe duka biyun ba. Wani alƙalin, Macnaghten, ya tausaya wa masu bin bashin, amma ya ce an sanar da su cewa yanzu da kamfani suke ciniki, don haka kansu za su zarga.

Abin da rajista ke haifarwa

Wannan hukunci ya bi dokar Ingila zuwa ƙasashen da ta mulka, kuma har yau kotunan Nijeriya suna kafa hujja da shi. Dokar kamfanoni ta Nijeriya, wadda aka fi sani da CAMA, an sabunta ta a 2020, kuma sashe na 42 ya ce daga ranar da ke kan takardar shaidar rajista kamfani ya zama mutum a doka, mai mallakar ƙasa da dukiya, mai kai ƙara da sunansa. Sabuwar dokar ta ma sauƙaƙa abin da Salomon ya sha wahala a kansa, domin yanzu mutum ɗaya tak na iya kafa kamfani mai zaman kansa ba tare da neman cikon kowa ba. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA, kamfani irin SARL yana samun wannan matsayi ne daga ranar da aka shigar da shi rajistar kasuwanci.

Abu biyu ne ke tafiya tare a nan. Na farko, kamfani mutum ne daban. Na biyu, asarar mai hannun jari tana da iyaka: abin da ya yi alkawarin biya na hannun jarinsa, shi ke nan. Wanda ya ɗauki hannun jari na naira miliyan 1 ya biya duka, ba a sake neman kwabo a wurinsa ko da kamfanin ya faɗi da bashin miliyan 100. In ya biya rabi, ragowar rabin kawai za a karɓa. Ma'anar kalmar Limited da ake gajarta wa Ltd ke nan, kuma doka ta wajabta a sa ta a ƙarshen suna don ta zama gargaɗi ga duk mai shirin ba da bashi.

A nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa. Ba duk wanda ya riƙe takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ne ya kafa kamfani ba. Akwai rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda lambarta ke farawa da BN, irin shagunan da ke sa Enterprises ko Ventures a allonsu ba tare da Ltd ba. Wannan suna ne kawai mutum ya yi wa sana'arsa. Shi da sana'ar abu ɗaya ne, bashinta bashinsa ne har gidan da yake kwana. Kamfani kuwa lambarsa tana farawa da RC. Da Alhajin labarinmu da BN yake ciniki, da lauya bai yi wata-wata ba wajen maka shi.

Mai karatu zai iya tambaya, shin wannan ba zalunci ba ne? Tambayar tana da nauyi, kuma alƙalan kotuna biyu a Ingila sun ji nauyinta. Dalilin da ya sa aka bar dokar haka shi ne babu mai zuba kuɗinsa a masaƙa ko kamfanin siminti da wasu ke gudanarwa in ya san faɗuwarsa za ta cinye gidansa da gonarsa. Iyakance asara shi ke tara jarin mutane da yawa wuri ɗaya. Amma asarar ba ɓacewa take ba, komawa take kan mai bin bashi. Shi ya sa doka ta ba shi abin kare kai: gargaɗi a cikin suna, da rajistar da kowa zai iya bincikawa.

Kowa ya ci ladan kuturu

Labulen nan yana kare mai kamfani, yana kuma tsare shi daga dukiyar kamfanin. Wani attajiri a arewacin Ireland mai suna Macaura ya koyi wannan darasi da tsada. Ya sayar da katakon gandunsa gaba ɗaya ga wani kamfani da shi ke da kusan dukkan hannun jarinsa, sannan ya yi wa katakon inshorar gobara da sunansa na kansa. Wuta ta tashi ta cinye katakon. Masu inshora suka ƙi biya, kotun ƙoli kuma ta ba su gaskiya a 1925. Katakon na kamfani ne, Macaura hannun jari kawai ya mallaka, mutum kuwa ba ya yi wa kayan wani inshora da sunansa ya karɓi diyya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan darasi ya shafi gidajenmu kai tsaye, musamman a rabon gado. In mai kamfani ya rasu, kamfanin bai mutu ba. Tireloli da sito da filin da ke da sunan kamfani ba sa shiga cikin abin da za a kasafta tsakanin magada kai tsaye. Hannun jarin mamacin ne gado. Magada su raba shi, su zama sababbin masu kamfanin, in kuma suna son a raba kadarorin sai a rufe kamfanin bisa ƙa'ida, a fara biyan masu binsa bashi. Haka kuma mai kamfani da ke raye ba shi da ikon zura hannu a asusun kamfani kamar aljihunsa. Hanyoyin fitar da kuɗi sanannu ne: albashi, ko rabon riba, ko rance da aka rubuta.

Ranar da ake yaye labule

To yaushe kotu ke cewa ya isa? Shari'o'i biyu na Ingila sun fi kowanne nuna hanya, kuma in aka dube su da kyau za a ga zare ɗaya ne ya ɗinke su.

Ta farko ta 1933 ce. Wani mai suna Horne shi ne manajan darakta na kamfanin motoci na Gilford, kuma ya sa hannu a kan alkawarin cewa in ya bar aiki ba zai janye masu cinikin kamfanin ba. Da ya bar aikin, sai aka kafa wani ƙaramin kamfani da sunan matarsa, shi ke juya shi, kamfanin ya shiga zawarcin masu cinikin Gilford. Hujjarsa ita ce shi ya yi alkawari, sabon kamfanin bai yi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin mayafi ne kawai aka yafa don karya alkawari, ta hana su duka biyun.

Ta biyu ta 1962 ce. Wani mai suna Lipman ya ƙulla cinikin sayar da gidansa a kan fam 5,250. Kafin a kammala sai ya sauya ra'ayi, ya yi sauri ya mayar da gidan ga wani kamfani da ke hannunsa, don in an zo ya ce gidan ya bar hannunsa, ba abin da zai iya yi. Alƙali ya kwatanta kamfanin da abin rufe fuska da mutum ya kare kansa da shi don kada a gane shi, ya umarci Lipman da kamfanin su miƙa gidan ga masu saye.

Zaren shi ne wannan: a duka biyun nauyin ya riga kamfanin zuwa. Horne da Lipman kowannensu yana da alkawari a wuyansa, shi da kansa, sannan ya jawo kamfani ya gitta a tsakani don ya kuɓuce. Salomon kuwa ya biya basussukansa na dā, sababbin basussukan kamfanin ne ya ci su da sunansa tun farko, masu ba da kayan kuma sun sani. Kafa kamfani don kare kai daga asarar gobe halas ne a doka, shi ne ma amfanin kamfani. Kafa shi don tsere wa haƙƙin da ya riga ya hau kanka, wannan ne kotu ba ta lamunta.

Kotun Ƙolin Birtaniya ta daddale wannan a 2013, a shari'ar Prest da Petrodel, wadda ta taso daga rabuwar auren wani ɗan kasuwar man fetur ɗan asalin Nijeriya. Kotu ta yanke wa matar fam miliyan 17.5, amma gidaje bakwai da take hari duk sunan kamfanonin mijin ne a kansu. Ta roƙi a yaye labule. Kotun ta ƙi, domin an sa gidajen a sunan kamfanonin tun kafin auren ya lalace, ba don guje wa haƙƙinta ba. Duk da haka matar ta sami gidajen ta wata ƙofa. Alƙalan sun gano cewa wasu gidajen da kuɗin mijin aka saye su, wasu kuma an mayar wa kamfanin a kan fam ɗaya kacal, shi da kamfanonin kuma sun ƙi kawo takardun da za su nuna akasin haka. Sai kotu ta yanke cewa riƙon amana kawai kamfanonin ke yi, gidajen nasa ne tun asali. Alƙali Sumption ya bayyana cewa yaye labule na gaskiya sai an sami gujewa nauyin da ya riga ya tabbata, kuma sai in babu wata hanyar da za a bi a kai ga haƙƙin.

Akwai abubuwan da su kaɗai ba sa isa. Kasancewar mutum ɗaya ne ke da kamfani kuma shi ke juya shi bai isa ba. Kasancewar kamfanin ƙarami ne a ƙarƙashin wani babba bai isa ba. Ko tausayin wanda aka cuta bai isa ba. A shari'ar Adams da Cape ta 1990, ma'aikata a jihar Texas ta Amurka da ƙurar asbestos ta lalata wa huhu sun nemi su kama uwar kamfanin da ke Ingila, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za ta rushe ƙa'idar Salomon ba don kawai ana ganin adalci ya bukaci haka. Shi ya sa lokacin da al'ummomin Ogale da Bille na jihar Ribas suka kai ƙarar uwar kamfanin Shell a Landan kan malalar mai, ba su nemi a yaye labule ba. Sun ce uwar kamfanin ita da kanta tana da hannu a yadda ake kula da bututun, don haka sakacin nata ne. A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda cewa wannan hujja ce da ta cancanci a saurara a gaban kotu.

Inda dokar Nijeriya ke kama darakta

Hukuncin kotunan Ingila na yanzu bai ɗaure alƙalin Nijeriya ba, sai dai ya haska masa hanya. Kotunanmu sun sha nanata cewa ba za su bari a mai da kamfani makamin zamba ba. A shari'ar Oyebanji ta 2015, wani manajan darakta ya karɓi kuɗin wani kamfani don a shigo masa da tayoyi da sukari, kaya ba su zo ba, kuɗi ba su dawo ba. Da aka tuhume shi da sata ya ce ciniki ne tsakanin kamfanoni biyu, babu ruwansa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yi masa. Wanda ya yi ha'inci da hannunsa ba ya fakewa da sunan kamfani.

Ita kanta CAMA ta buɗe wasu ƙofofi. Sashe na 316 ya shafi kuɗin da aka ba kamfani don wani aiki takamaimai, ko rance ne ko kafin alƙalami na kwangila. In aka karkatar da kuɗin da niyyar zamba, daraktan da ke da hannu zai mayar da su daga aljihunsa. Sashe na 672 ya ce in ana rufe kamfani aka gano an gudanar da harkarsa da niyyar damfarar masu binsa bashi, kotu na iya ɗora bashin kan duk wanda ya shiga ciki da saninsa. Dokar 2020 ta ƙara wani tanadi a kan daraktan da ya san, ko ya kamata ya san, cewa kamfanin ba zai tsira ba, amma bai yi abin da ya dace don rage asarar masu bin bashi ba.

Mu koma Dawanau

Yanzu mu auna labarinmu da wannan mudu. Lauya nagari zai yi maka tambayoyi, kuma amsarsu ce za ta nuna ko akwai hanya.

In gaskiyar magana ita ce farashi ne ya karye, Alhaji ma ya yi asarar jarinsa, to kana inda masu ba Salomon fata suka tsaya. Za ka kai ƙarar kamfanin, ka yi nasara, ka shiga layi. A ce an sayar da injina da sito an sami miliyan 60. Banki da ke riƙe da jinginarsu yana bin miliyan 45, ya ɗauke. Kuɗin aikin rufe kamfanin da albashin ma'aikata da haraji suka ci miliyan 9. Saura miliyan 6, ku kuma masu kawo kaya kuna bin miliyan 60 a haɗe. Kowa zai sami kobo 10 a kan kowace naira. Miliyan 20 ɗinka ta koma miliyan 2.

Amma a ce bincike ya nuna wani abu daban. Wata biyu kafin a rufe, an mayar da injinan ga wani sabon kamfani na Alhaji a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ga shi ana ci gaba da aiki a sito ɗaya, da ma'aikata ɗaya, an sauya allo kawai. Ko kuma takardun banki sun nuna kuɗin riɗinka ya shiga asusun kamfani da safe, ya fita zuwa asusun Alhaji da yamma. Ko kuma ya karɓi lodinka na ƙarshe alhali banki ya riga ya aiko da takardar ƙwace sito. A nan labari ya sauya: ana iya neman kotu ta soke cinikin injinan ta dawo da su, ana iya neman ta ɗora bashin a kansa. Sai dai nauyin kawo hujja a kanka yake, kuma a dokar shaida ta Nijeriya wanda ya zargi wani da aikata laifi irin zamba, ko a shari'ar kuɗi ce, sai ya tabbatar da shi ba tare da sauran kokwanto ba. Zato da "kowa ya sani" ba sa tsayawa a gaban alƙali. Takardun banki, rasit, da kwanan watan da ke kan kowace takarda su ne shaidunka.

Tunda ƙofar ƙunci gare ta, hikima ita ce kada ka dogara da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sauke buhun farko, duba sunan da ke kan takardar oda, ka bincika shi a shafin CAC ka ga RC ne ko BN. In bashin mai yawa ne, sa lauya ya binciko fayil ɗin kamfanin: su wane ne daraktoci, nawa ne jarinsa, wa ke riƙe da jinginar kadarorinsa, domin doka ta ce a yi wa irin wannan jingina rajista cikin kwana 90. Kamfani mai zaman kansa na iya rajista da jarin naira 100,000 kacal, ka ga kuwa wannan ba abin da za a jingina miliyan 20 a kansa ba ne. Sannan ka yi abin da bankuna ke yi kullum: ka nemi mai kamfanin ya tsaya wa bashin shi da kansa, a rubuce, ya sa hannu da sunansa, ba a madadin kamfani ba. Da wannan takarda guda ba ka bukatar kotu ta yaye komai, domin Alhaji da bakinsa ya fito daga bayan labulen. In ya ƙi, ka sami amsar da ta fi kowane bincike.

Kai kuma mai kamfani, kariyar da doka ta ba ka amana ce. Raba asusunka da na kamfani, rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita, yi wa kayan kamfani inshora da sunan kamfani, kuma ranar da ka ga jirgin ba zai kai gaci ba, ka daina karɓar kayan mutane. Aron Salomon ya ci nasara ne domin da aka buɗe littattafansa a gaban kotuna uku, an tarar ya sanar da kowa abin da yake yi, kuma da ruwa ya fara shiga, nasa kuɗin ya ƙara zubawa, bai kwashe na wasu ba. Kowane mai Ltd a bayan sunansa ya kamata ya riƙe littattafansa yadda in an buɗe su gobe, abin da za a tarar ke nan.